Neman shawara: mutum 40 suka bar aiki, dalilansu sun kai 57

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin rarraba kaya a Apapa. Mutum 40 ne suka ajiye aiki bara, kuma an umarce ni in kasa abin da suka faɗa a hirar bankwana rukuni-rukuni, tare da adadin kowane rukuni. Da na haɗa jimilla sai na samu 57. Yaya zan yi?

Wata Hajiya daga Ikeja: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da ya faru shi ne kin ƙidaya dalilai, alhali shugabanninki mutane suke son a ƙidaya musu, kuma mutum ɗaya yakan kawo dalili biyu ko uku. Ki buɗe Excel, ki ba kowane mutum layi ɗaya, ki ware shafi C domin babban dalilinsa, wato wanda da an gyara shi da bai tafi ba, sauran kuma ki zuba su a shafi D. Wanda ya ce albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, sannan ya ambaci tsawar shugabansa a taƙaice, albashi ne babban dalilinsa. Daga nan ki ƙidaya kowane rukuni daban, misali na albashi:

```
=COUNTIF(C2:C41,"Albashi")
```

Idan kin haɗa adadin duk rukunan shafi C, dole jimillar ta tsaya a 40. Idan ta gaza, akwai layin da aka bari fanko ko aka rubuta sunan rukuni da wani salo dabam. Sai dai kada ki raɗa wa rukunan suna sai kin karanta bayanan duka.

Wani Malam daga Agege: A ganina, Hajiya, kuɗin mota da albashi rukuni ɗaya ne, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 duk kukan na kuɗi ne.

Hajiya: Malam, da gaskiyarka idan tsadar motar mutum ya ambata. Amma wanda yake fitowa daga Ikorodu tun kafin asuba saboda cunkoso, lokaci da gajiya yake kuka da su, kuma maganinsa motar ma'aikata ce ko sauya lokacin aiki, ba ƙarin albashi ba. Idan magani ya bambanta, a raba rukuni.

Wani direba daga Mile 12: Lokacin da na bar wani kamfani, cewa na yi na samu wani aiki, domin wanda ya wulaƙanta ni shi ne ya yi mini hirar, kuma ina bukatar takardar shaida daga hannunsa.

Mai tambaya: Yaya, mutum 11 ne suka rubuta mini irin wannan amsa.

Hajiya: To, ki ware su ƙarƙashin "Ba a bayyana dalili ba", domin samun wani aiki bai nuna abin da ya sa mutum ya fara nema ba. Ki rubuta 11 ɗin a fili cikin rahoton, ki kuma nemi a daina barin shugaban mutum ya yi masa hirar.

Malam: Ni dai ina ganin yawancinsu albashi ne ya kore su, kuma da ni ne, da can zan saka su.