Launin kamfani a hoton AI: lambar HEX ba ta ci, waɗanne kalmomi kuke sa wa?

Rabi_Zane:
Salamu alaikum. Ina son mu tattara abin da kowa ya gani wajen fitar da launin kamfani a manhajojin AI masu zana hoto. Ga misali mu yi aiki da shi. Launin tambarin shi ne #0F6B5C, kore mai duhu da ɗan sirkin shuɗi, kuma ana son hoton kofin shayi mai wannan launi a kan tebur. In an sa lambar cikin umarni, kofin kan fito da launin da ya ga dama, wani lokacin ma sai a ga an zana wasu haruffa a jikinsa. Da `teal` kuwa sai ya yi shuɗi fiye da kima. Yaya kuke yi?

Malam Sabi'u:
Wa alaikis salam, Malama Rabi. Yawancin manhajojin nan sun koyi launi ne daga hotuna da bayanin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsu, kuma da wuya mutum ya rubuta lambar launi a ƙarƙashin hoton kofi. Ita kuma lambar, kafin ta isa wurin zane ana daddatsa ta gutsi-gutsi, to ba ta isa a matsayin launi guda. Shi ya sa ko dai a yi watsi da ita, ko a ɗauke ta rubutun da kike so a zana.

Abin yi shi ne ki fara karanta lambar da kanki kafin ki nemi kalma. Ki sa ta a Color Picker na Photoshop ko GIMP. Taki za ta ba ki R 15, G 107, B 92, sannan H 170, S 86, B 42. A GIMP wannan B na ƙarshe V ake rubuta shi. A ma'aunin H, kore zalla yana 120, shuɗi zalla yana 240, `teal` kuma yana 180. Kenan naki ya fi `teal` karkata wajen kore da maki goma, abin da idonki ya gani ke nan. S 86 na nufin launin ya kama sosai, bai koɗe ba. B 42 kuma duhu ne. To abu uku za ki faɗa: dangin launin da gefen da ya karkata, duhunsa, da ƙarfinsa. Ki liƙa su a jikin kofin kai tsaye:

```
matte ceramic mug, deep saturated teal green, dark tone, soft neutral daylight, light grey table
```

Kada ki raina `matte` da `neutral daylight`. Abu mai sheƙi yana ɗaukar launin duk abin da ke kewaye da shi, hasken yamma kuma yana zuba ruwan ɗorawa a kan komai, sai koren ya zama wani abu dabam ko da kalmar launin ta yi daidai.

Auwal Dizain:
Ni dai hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce jerin sunayen launi na CSS. Kowane suna yana da lambarsa, `teal` shi ne #008080, `forestgreen` kuma #228B22. A nemi wanda ya fi kusa a rubuta, an gama.

Malam Sabi'u:
Jerin yana da amfani wajen samo kalma, Malam Auwal, amma manhajar ba ta duba shi. Abin da ta sani da `teal` shi ne tarin hotunan da mutane suka kira da wannan suna, daga mai kore har mai shuɗi, don haka fage ne mai faɗi. Sannan sunan da ke ɗauke da wani abu yakan jawo abin. `forest green` na iya kawo ganye a bayan kofin, kuma H ɗinsa 120 ne, ya yi wa 170 nisa ƙwarai. `emerald` kuwa ya kan sa kofin ya yi ƙyalli kamar dutsen zobe, ya kuma fi wanda ake nema haske.

Ummu Hanan:
Ba a taɓo yadda za a gane an dace ba, kuma nan ne aikin yake. Ido ba ma'auni ba ne, musamman in allon yana kan Night Light. Da farko a kulle Seed, wato lambar da manhajar ke fara zane daga gare ta, a lamba ɗaya, a riƙa canza kalma ɗaya tak a kowane gwaji. In an canza kalma kuma Seed ya canza, ba za a san wanne ya motsa launin ba.

Sai a buɗe hoton a Photoshop a ɗauki Eyedropper, amma a mayar da Sample Size zuwa `11 by 11 Average`, domin ɗigo ɗaya na iya faɗawa kan tabo ya ruɗe ku. A ɗiba daga tsakiyar jikin kofin, ba inda haske ya buga ba, ba cikin inuwa ba. H za a fi zuba wa ido. S da B dole su yi ta hawa da sauka a jikin abu mai lanƙwasa, wannan ba aibi ba ne. A misalin Malama Rabi, in H ya haura 180, a sauya tsarin kalmomin ya zama `deep green with a teal tint` don kore ya shige gaba. In ya sauko wajen 150, an wuce gona da iri, a koma `teal green`. Kuma kalmar da ta ci a Seed ɗaya sai an gwada ta a wasu kafin a amince da ita.

Ƙari ɗaya: kada a rubuta `not blue` cikin umarnin. Sau da yawa manhajar kalmar shuɗin take kamawa ta bar `not` ɗin. In akwai akwatin Negative prompt, can ne wurinta.

Bashir Mai Buga Takarda:
Duk wannan wahalar, in an zo bugawa koren nan zai dushe. Ku mayar da fayil ɗin CMYK tun farko ku huta.

Rabi_Zane:
Gaskiya ne kore mai ƙarfi kan dushe a takarda, Malam Bashir, amma wannan mataki na gaba ne. Hoton a RGB yake fitowa, kuma tun a allo bai yi daidai ba. Wata matsalar da ta biyo bayan umarnin Malam Sabi'u: launin kofin ya matso kusa sosai, H na wajen 175, sai dai bangon da ke baya shi ma ya ɗauki kore.

Ummu Hanan:
Launi ne ya malala. Duk abin da ba ki ba shi launinsa ba, manhajar na iya shafa masa wanda kika ambata. Kin ba tebur ruwan toka, shi ya sa ya tsira. Ki ƙara `plain white wall`, ki kuma ambaci koren sau ɗaya kawai, dab da sunan kofin. Shi kuwa bambancin maki biyar ɗin nan, ni ba zan bi shi da kalma ba. Ki zaɓe kofin, ki sa Hue/Saturation a kansa shi kaɗai, ki riƙa jan Hue baya kaɗan-kaɗan kina aunawa har ya kai 170. Tambarin kansa kuma daga ainihin fayil ɗinsa za ki ɗora shi daga baya, kada ki bar manhaja ta zana shi.

Auwal Dizain:
To amma akwai sabbin manhajoji da ke karɓar HEX ɗin yanzu. Na ga ya yi kusa a bango mai launi ɗaya. Me zai hana a haɗa biyun, kalma da lamba?

Malam Sabi'u:
A shimfiɗaɗɗen bango na yarda, can babu inuwa babu sheƙi. A jikin kofi mai haske da inuwa ban ga lambar ta ƙara komai a kan kalmomin ba, kuma haɗarin zana haruffan na nan. Ka auna naka da Eyedropper a Seed ɗaya, da lambar da kuma babu ita, ka kawo mana H na kowanne.