Abin da aka tattauna kan sana'ar sabulun ruwa a ƙauyukanmu

Jama'a, na bi bayanan kowa na tsamo waɗannan.

1. An haɗu a kan cewa a fara da jarka ɗaya mai lita 20, a sayar wa makarantun islamiyya, masu abinci da gidajen biki kafin a nufi kasuwar mako irin ta Maigatari.

2. Maganar soda, wato kostik soda da ake haɗa sabulu da ita, ce ta fi tsawo, kuma ta cancanta, don ita ke ƙona mutane. A zuba soda cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan soda, domin tana ɗaukar zafi ta fantsama. A jiƙa a mazubin roba, ban da tukunyar alminiyom, soda na cinye ta. A sa safar hannu, a kori yara daga wurin. Wata baiwar Allah daga wajen Gumel ta ce zubinta na farko ya riƙa sa hannu zafi da saɓa. Ashe soda ta yi yawa, da gwangwani take awo. Da ta sayi ƙaramin sikeli matsalar ta kau.

3. Idan sabulu ya kwana ya rabu gida biyu, mai yiwuwa juyi ne bai isa ba.

4. An rabu kan bashi. Wasu sun ce a ƙauye sai an ɗaga ƙafa zuwa kaka, wasu suka ce haka jari ke karyewa. Ni ina tare da na biyun.

5. Kada a rubuta cewa yana maganin ƙyasbi ko ƙuraje. Mai son sa suna a kwalba ya kai shaguna, ya nemi rajistar NAFDAC.