Neman kalma: da wane suna za a kira kiriyatin a cikin labari?

Ɗan Yakasai: Assalamu alaikum jama'a. Ga wani gutsure daga gajeren labarin da nake rubutawa, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya:

"Habu ya ajiye ƙarfen da aka zuba wa siminti a bokitin fenti, yana haki. Ya zaro robar daga jakarsa bai kai ga buɗewa ba Sale ya dafe hannunsa. 'Kai, wannan garin ne? Shi ya kashe wa wani ƙoda a layinmu.' Bala da ke kwance a benci ya ɗago kai: 'Ƙoda kaɗai? Sanƙo zai fara yi maka, kuma ranar da ka daina sha ka sace kamar tayar keke.' Wani daga bakin ƙofa ya ce ai da ƙashin alade ake haɗa shi. Habu ya mayar da robar jaka, ya ja zif."

Garin nan kiriyatin ne, wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha don su yi damtse. Ban so in bar shi "wannan garin" har ƙarshen labari, ban kuma so in cusa Turanci. Na yi tunanin "garin ƙarfi". Ya kuka gani?

Baffan Amira: Wa alaikumus salam. Ɗana, cire "garin ƙarfi" tun kafin a yi nisa. Duk Bahaushen da ya ji shi, masu tallan maganin maza da lasifika a bakin tasha zai tuno, labarinka ya karkata inda ba ka nufa ba. "Hodar ƙarfi" ta fi muni, don hoda a bakin matasa ta riga ta zama ta Iblis. Idan asali kake so, sunan daga kalmar Girkanci ta nama ya fito, saboda a nama wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, ya fara gano shi a 1832. Ke nan "sinadarin nama" fassara ce mai gaskiya.

Koci Na Gama: Baffa, da girmanka, sinadarin nama ba zai shiga bakin 'yan ƙarfe ba, kuma za su ɗauka furotin ake nufi. Abu biyu ne daban. Furotin shi ne bulon da ake gina tsoka da shi, ana cinsa da yawa. Kiriyatin kuwa cokali ɗaya ne a rana, aikinsa na 'yan daƙiƙu ne. Idan mutum ya kwanta a benci ya tura nauyin da ya kusa fin ƙarfinsa, man da tsoka ke ƙonawa nan take yakan ƙare cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Kiriyatin da ke ajiye a tsokar shi ke sake cika shi da sauri, har zuwa wajen daƙiƙa goma. Wanda ya cika ajiyarsa, nauyin da yake turawa sau takwas sai ya ga ya kai tara ko goma. Wannan ƙarin ɗaya ko biyun, idan ya taru wata da watanni, shi ke zama damtse. Wanda ya sha ya je ya kwanta a ɗaki ba abin da zai gani sai ɗan nauyin ruwa. In har sai an ƙirƙiro suna, ni "guzurin tsoka" zan ce.

Baffan Amira: Guzurin tsoka ya yi daɗin baki, na yarda. Sai dai guzuri na doguwar tafiya ne, kai kuma ka ce daƙiƙa goma.

Sadiq 45: Salam manya. Don Allah nawa ake sayar da shi yanzu, kuma wata nawa zan yi in yi ƙiba? Ni siriri ne sosai, wani ya ce in haɗa da sha-ka-fashe.

Anti Lab: Sadiq ƙanena, suna ake nema a nan, amma tambayarka ta nuna inda matsalar take. Kada ka haɗa komai da sha-ka-fashe. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa barkatai sau da yawa akwai dezametason a ciki, mai kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini. Kiriyatin ba danginsu ba ne, ba kuma dangin alluran da wasu ke yi don ƙwanji ba. Jikinka da kansa yana haɗa kusan giram ɗaya kullum a hanta da ƙoda, kana kuma samun wani daga nama da kifi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ba ta saka shi cikin haramtattu ba.

Ɗan Yakasai, ina so ka lura da maganar Sale, don jita-jitar ƙoda daga suna ta samo tushe. Akwai kiriyatin, akwai kiriyatinin. Na biyun shi ne ragowar na farko bayan ya lalace a tsoka, ƙoda ke tace shi ta fitar a fitsari. Idan muna son sanin lafiyar ƙoda, shi muke aunawa a jini: in ya taru, muna zargin matatar ta yi rauni. To a ce Habu ya yi sati biyu yana sha, ga shi da tsoka, jiya ya ɗaga ƙarfe, da dare ya ci tsire. Ya je gwaji, adadin ya ɗan haura iyakar da ke jikin takarda. Ba matatar ce ta toshe ba, sharar da ake kawo mata ce ta ƙaru. Amma shi abin da zai ji shi ne "kiriyatin... ya hau... ƙoda", ya dawo unguwa da labari. Yadda ake rarrabewa: ya gaya wa likita abin da yake sha, a duba ko furotin na zuba a fitsari, a auna hawan jini, in akwai hali a yi gwajin sistatin, wanda bai damu da yawan tsoka ba. Ko ya dakata na wasu makonni a sake aunawa. Wanda dama yake da ciwon ƙoda, ko ciwon suga da hawan jini da suka daɗe, ko mai yawan haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak, wannan kada ya taɓa sai da izinin likitansa. Saboda haka duk sunan da za ku zaɓa, ku ba ni biyu da kunne zai iya rabawa.

Baffan Amira: To ga shi kin kawo mana aiki, Hajiya. Idan na farko guzuri ne, na biyu "tokar tsoka" ke nan: abin da ya rage bayan an ƙona.

Anti Lab: Toka ta yi mini. Da ita zan riƙa yi wa marasa lafiya bayani.

Mai Shago Maraɗi: A nan wajenmu kireyatin muke cewa, bakin Faransanci. Ni dai na san sitiroyid ne mai sauƙi, shi ya sa yake riƙe ruwa. Kuma dole sai an yi lodin sati ɗaya, in ba haka ba asarar kuɗi ce.

Koci Na Gama: Rabin maganarka daidai, maƙwabci. Yana riƙe ruwa, amma a cikin tsoka, ba a fuska da ƙafa ba, kuma ba ruwansa da sitiroyid. Kilo ɗaya zuwa biyu da sikeli ke nunawa a satin farko ruwan nan ne. Lodi kuma ba dole ba ne. Hanya biyu ce. Ko lodin, wato giram 20 a rana, a raba huɗu, na kwana biyar zuwa bakwai, sannan a sauko giram 3 zuwa 5. Ko a fara da giram 3 zuwa 5 ɗin kai tsaye, cikin sati huɗu a isa wuri ɗaya. Ni ta biyu nake ba yara, don a lodi ake samun ɓarna: yaro ya ga raba huɗu wahala ne, ya zuba giram 20 a kofi ɗaya kan cikin da ba komai. Abin da hanji bai shanye ba sai ya ja ruwa, ciki ya murɗa, ya wuni yana zarya bayan gida. Washegari ga sabuwar jita-jita. Giram 5 kusan cokalin shayi ne mai ɗan tozo, kuma yawancin robobi na zuwa da ma'auninsu. A dama a ruwa ko kunu a sha a lokacin, kada a jiƙa a gora a bar shi kwana da kwanaki cikin zafin nan, don a ruwa a hankali yake komawa tokar da Baffa ya faɗa. Robar giram 300 wata biyu ke nan a kan cokali ɗaya kullum.

Maganar Bala ta sacewa: in an daina, ajiyar na komawa yadda take cikin sati huɗu zuwa shida, ruwan ya tafi, a rasa kilo ɗaya ko biyun nan. Tsokar da aka gina tana nan muddin ana ɗagawa ana ci.

Ɗan Yakasai: Sanƙon fa, da aladen? Ina so in san wanne zan bar wa Habu ya gaskata.

Anti Lab: Sanƙo daga wani bincike ne na 2009 kan 'yan wasan zari-ruga a Afirka ta Kudu. An ga wani sinadarin maza da ke da alaƙa da zubar gashi ya ƙaru a jininsu, amma ba a ƙirga gashin kowa ba. Ka kuma tuna shekarun da samari ke fara ɗaga ƙarfe su ne shekarun da sanƙon gado ke fara leƙowa. Garin kuma a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai, ba daga nama ko ƙashi ba. Kilo guda na ɗanyen naman sa bai cika ba da giram 5 ba, ka ga ba mai tatsarsa daga nan ya ci riba. Inda mai tambayar halal ke da hujja shi ne na kafso, don ɓawonsa kan zama jelatin na dabba. Abin da ya fi cancanta Habu ya ji tsoro shi ne farin garin da ake ƙullawa a leda ba suna ba lambar NAFDAC, don ba wanda ya san me aka cakuɗa.

Baffan Amira: Ni ga shawarata. A bakin Sale da Bala bar "garin nan", haka masu tsoro ke magana, ba sa kama suna. Mai ba da labari ya ce kiriyatin. Kuma kada ka yi mamaki in bakin mutane ya yar da harafin ƙarshe ya zama "kiriyati", don kunnen Bahaushe na jinsa kamar na mallaka, yadda injin ya zama inji. Hakan ma ya fi nisanta shi da kiriyatinin. Guzurin tsoka ka sa shi a bakin dattijon gidan ƙarfen lokacin da yake yi wa Habu bayani.

Koci Na Gama: Kiriyati kam ban taɓa jin wani ya faɗa ba, Baffa. In na ce wa yara haka dariya za su yi mini.

Mai Shago Maraɗi: Mu dai kireyatin ɗinmu muna nan da shi. Amma toka na ɗauka.

Ɗan Yakasai: Na gode ƙwarai. Zan sa kiriyatin a bakin mai labari, guzuri a bakin dattijo. Kuma na samu abin da zai faru a shafi na uku: Habu zai zuba cokali huɗu a kofi ɗaya ranar da za a kai shi gaisuwar surukai.