Ubuntu mai dogon zango ko mai wata tara: wanne za a ɗora wa saba?

Nura: Ni dai ban yarda da LTS, wato mai dogon zango, ba. PHP 8.1 ne a cikin 22.04, ya tsufa, kuma tsohuwar manhaja ita ce ƙofar ɓarayi. Wanda ke bin sabuwar fitowa duk wata shida ya fi tsaro.

Hajiya Rabi: Nura, lambar ce ta ruɗe ka. Idan aka gano rami a sabon PHP, masu kula da Ubuntu sukan ɗauko facin kaɗai su liƙa wa tsohon, lambar ta zauna a 8.1, wutsiyarta ce ke canjawa. Duba da idonka:

```
apt changelog php8.1
```

Shekara biyar ake yi wa LTS wannan hidimar. Ɗayan kuwa wata tara ne, sabo yana fita duk wata shida, wato wata uku kacal gare ka ka yi ƙaura kafin a daina turo maka faci.

Bashir: Wata ukun nan ne ya ci ni. Na ɗora wa sabar wani shagon magani 23.04, na shiga wasu ayyuka. A Janairun 2024 wa'adinsa ya cika ban sani ba, saboda komai na tafiya lafiya. Sai ranar da na buga `apt update` na ga 404 jere reras, an kwashe ma'ajiyar zuwa `old-releases.ubuntu.com`. Ba a tsallake mataki, dole na bi ta 23.10 kafin 24.04, ga mai shago tsaye a kaina da rasitan da ba a shigar ba. Watannin da sabar ta yi babu faci su ne ke damuna har yau.

Iliya: To ai magana ta ƙare, LTS shekara biyar ka kwanta ka yi barci.

Hajiya Rabi: A'a Iliya, kada ka yi barci. Alkawarin ya shafi manhajojin da ke ɓangaren `main` na ma'ajiyar Ubuntu ne. Na `universe` sai da Ubuntu Pro ake samun tabbacin facinsa, kyauta ne ga na'ura biyar na amfanin kai. `pro security-status` zai ƙirga maka nawa ka ɗauko daga kowane ɓangare.

Nura: Na karɓi maganar faci, Hajiya. Amma sabuwar na'urar da 22.04 bai gane katinta ba fa?

Hajiya Rabi: `linux-generic-hwe-22.04` zai ba ka sabon kanel ba tare da ka bar LTS ba. Inda nake goyon bayanka shi ne sabar gwaji, ko wadda kake rushewa ka sake ginawa cikin minti goma.

Sadiya: Ku ma kada ku cika dogara da alkawari. CentOS 8, wani nau'in Linux daban, an ce za a kula da shi sai 2029, aka datse shi a ƙarshen 2021.

Nura: Hajiya, kin ji ko! Kuma mai tashi daga 22.04 zuwa 24.04 zai haɗiye PHP 8.3 da PostgreSQL 16 a dare ɗaya. Ni gara in riƙa sha kaɗan-kaɗan.

Bashir: Saba nawa ke hannunka, Nura? Ni goma sha ɗaya, kuma ni kaɗai ne.