Na canza rubutu a Slide Master amma rabin silaid sun ƙi bi

Rukayya: Salamu alaikum 'yan zaure. Oga ya ba ni silaid 40 na PowerPoint daga sassa uku, wai in mayar da su kala ɗaya kafin taron Litinin a Garki. Na canza salon rubutu a Slide Master, wato babban silaid da sauran ke bin tsarinsa, wasu sun bi, wasu ko gezau. Ina matsalar take?

Nura: Ctrl+A a kowane silaid ki zaɓi Arial, an wuce wurin.

Malam Bala: Nura, irin wannan aikin ne ma ya jefa ta a ciki. Duk rubutun da aka yi wa salo da hannu ya daina jin maganar babban silaid. Rukayya, danna kan wanda ya ƙi, ki duba sunan salon. In babu (Body) ko (Headings) a gefensa, hannu ne ya taɓa shi. Ki zaɓi silaid ɗin duka a hagu, ki danna Reset ƙarƙashin Home.

Hajiya Asabe: A yi hattara da Reset ɗin nan. Bara a wani ofishi na danna shi, duk kanun da na jera da hannu suka koma mazauninsu na asali, wasu suka hau kan hotuna, ga baƙi har sun fara zama. Kuma bai taɓa akwatunan da aka zana da Text Box ba, don su ba gurbin tsari ba ne. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da Ctrl+Space. Ajiye kwafi tukuna, 'yata.

Rukayya: To Hajiya. Amma manyan silaid uku nake gani a ciki.

Malam Bala: Da Keep Source Formatting aka liƙa, kowane sashe ya taho da nasa. Mayar da su kan Layout na guda ɗaya, ki goge sauran biyun. Sannan Colors, Customize Colors: ki sa kalar ofishinku a Accent 1, domin ita jadawali da siffofi ke fara ɗauka. Salon rubutu kuma a Customize Fonts, ɗaya na kanu, ɗaya na jiki.

Nura: Wallahi Format Painter ya fi sauri.

Malam Bala: Har ranar da oga zai ce kore yake so, ba shuɗi ba.

Ɗanladi: Ni tawa majigi ce, ruwan ɗorawa ba ya fita sam a kan fari.

Nura: Sanyin Jos ne ya kama ta.

Hajiya Asabe: In da Hausa a ciki, ki gwada ƙ, ɗ, ɓ kafin ki zaɓi salo. Wanda ba shi da su sai ya aro daga wani, harafin ya fito daban a tsakiyar kalma.

Rukayya: Na yi Reset, kanu sun daidaita. Jadawali biyu dai har yanzu ja ne.

Malam Bala: Ko dai Standard Colors aka zuba musu, ko hoto ne aka ɗauko daga Excel. Danna ki gani, Chart Design ya fito a sama?

Rukayya: Picture Format ne ya fito.

Nura: To, sai ki nemo wanda ya turo.