Neman shawara: tsarin kasuwancina shafi 14 ne, an ce in faɗe shi cikin daƙiƙa 30

Mai Garin Shayi, Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa garin citta da kanumfari da masoro a ƙulli, ina sayar wa masu shayi. An kira ni wani taron masu ƙananan sana'o'i nan Kaduna ranar Asabar, kowa zai tsaya gaban masu ba da jari ya yi magana daƙiƙa 30 kacal. Tsarin kasuwancin da na rubuta shafi 14 ne. Na gwada taƙaita shi, ko tarihin yadda na fara ban gama ba agogo ya buga. Me zan cire, me zan bari?

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki daina ƙoƙarin matse shafukan nan, ba za su matsu ba. Ba wanda zai ciro kuɗi ya ba ki a kan maganar rabin minti. Abin da ake nema a wurin shi ne mutum ɗaya ya ce miki "zo mu zauna bayan taro". A wannan zaman ne takardarki za ta yi aiki.

Ki fara da lissafin bakinki. Mai magana a natse, ba irin ta mai tallan magani a tasha ba, yana faɗin kalma 70 zuwa 80 a daƙiƙa 30. Jarinki ke nan, duk kalmar da kika kashe a wani wuri kin rage ta a wani. Abu huɗu ne za su ci wannan jarin: wanda ke saye a wurinki da abin da ke damunsa, abin da kike sayar masa, shaidar cewa ana saye, sai abin da kike nema. Tarihi, manufa, sunayen ma'aikata da hasashen shekara biyar duk su zauna a takarda.

Kafin in ce wani abu kuma, ki amsa min: masu shayi nawa ke saye a yanzu, ƙulli nawa ke fita duk mako, me ya hana ki wuce haka, kuma nawa kike nema?

Mai Garin Shayi, Kawo:
Na gode Malam. Masu shayi 40 ne, daga Kawo zuwa Unguwar Dosa da Hayin Banki. Ƙulli 120 duk mako, kowanne naira 1,000, ribata a kai kamar naira 200. Wasu 20 sun nema na kasa, saboda injin kasuwa nake kai niƙa, sai na bi layi, wani lokaci ma garin ya fito da yajin barkonon wanda aka niƙa wa kafin ni. Naira dubu 900 nake nema in sayi injina, in kai ƙulli 300.

Mai Hoton Biki, Barnawa:
Anti wannan ai mai sauƙi ne. WhatsApp ma da can daƙiƙa 30 yake yanke bidiyo, mun saba. Ki samu waya mai kyau, a ɗauki garin yana zuba cikin kofi, a sa kiɗa a ƙasa, lambar wayarki ta fito a ƙarshe. Ni zan haɗa miki da rahusa.

Maman Ihsan:
Kai dai da talla. Ba bidiyo ta ce ba, tsayawa za ta yi gaban mutane ta yi magana da bakinta.

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Madalla, kin ga abin da kika rubuto yanzu ya fi shafi 14 ɗin nan tasiri, don tambayar ki aka yi kika amsa. Ga yadda zan jera shi:

"Assalamu alaikum. Sunana wance, daga Kawo. Mai shayi yana ɓata safiyarsa wajen dakan citta, kuma ɗanɗanon yau daban, na gobe daban. Ni nake haɗa masa garin kayan shayi a ƙulli, ya zuba kawai. Masu shayi 40 ke saye, ƙulli 120 duk mako, wasu 20 na jira saboda ba ni da injin niƙa. Ina neman naira dubu 900 in saye shi, in kai ƙulli 300. Ga samfur, ku ba ni minti 10 bayan taro."

A rubuce kalma 73 ne, amma a baki 77, domin lamba tana ɓoye tsawonta: 120 guda ɗaya ce a takarda, idan za ki faɗe ta sai kin ce ɗari da ashirin. Shi ya sa ba a cika irin wannan magana da alƙaluma. Kuma ki lura na fara da mai shayi kafin in zo kanki. Duk wanda ke zaune a ɗakin ya taɓa tsayawa teburin mai shayi da safe, nan take zai gane wanda kike nufi. Da kin fara da "na kafa wannan sana'a ne domin samar wa matasa aikin yi", mutum goma sun riga ki faɗin haka, kunnensu ya toshe.

Jimlar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta mutum 20 da ke jira. Ita ke nuna cewa kasuwa tana nan, hannu ne ya gaza. Idan kin zo kanta ki ɗan ja numfashi, kar ki wuce ta da gudu.

Yadda za ki gane ta zauna: ki ɗauki muryarki a waya da agogo. Idan kin wuce daƙiƙa 28, kalma za ki cire, kar ki ƙara sauri, domin ranar taro tsoro da gyaran lasifika za su ci saura. Sannan ki faɗa wa wanda bai san sana'arki ba, sau ɗaya, ki ce ya maimaita miki me kike sayarwa, wa ke saye, nawa kike so. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne gyara yake.

Hajiya Babba, Tudun Wada:
'Yata, ni maganar kuɗin nan ce ba ta kwanta min ba. Ki tsaya gaban jama'a ki ce ga yawan cinikina, ga unguwannin da nake kaiwa? Bakin mutane fa? Kuma a cikin masu sauraro akwai mai jarin da ya fi naki, gobe ki gan shi da irin ƙullinki a Kasuwar Barci. Sannan ina gaisuwa? Manya na zaune, ki ce sallama kawai ki shige magana kamar an koro ki?

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Hajiya, a kan sirri kina da gaskiya, shi ya sa ban sa yawan kanumfarin da take zubawa a mudun citta ba, ban sa wurin da take saro kaya ba, ban sa ribarta ba. Waɗannan su ne sirrin, su kam sai a ɗaki. Amma yawan masu saye dole ta faɗa, in ba haka ba maganarta da ta wanda bai taɓa sayar da ƙulli ɗaya ba duk ɗaya ne a kunnen mai jari. Gaisuwa kuma, idan ta bi shugaban taro da manyan baƙi da iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, rabin lokacin ya tafi. Mai gabatarwa ya riga ya gaishe su a madadin kowa.

Hajiya Babba, Tudun Wada:
To Allah ya sa haka ne. Ni dai da "iyayena barkanku da warhaka" zan ƙara, ko da wata kalma ce za ta fita.

Akanta Mai Ritaya, Malali:
Ku dakata, akwai rami a lissafin. Mutum 40 na ɗaukar ƙulli 120, kowa 3 ke nan. Idan aka ƙara 20 ɗin da ke jira, 60 sau 3, 180 ne. Daga ina 300 ta fito? Duk wanda ya saba da lissafi zai kama wannan tun ba ki zauna ba. Kuma ƙarin ƙulli 60 a ribar naira 200, dubu 12 ne a mako. Kafin wannan ƙarin shi kaɗai ya mayar da dubu 900, mako 75 ne, kusan shekara ɗaya da rabi, ban da kuɗin niƙan da za ki huta biya, ban da kuma man da injin zai sha idan babu wuta. In tallafi ne za su bayar, da sauƙi. In bashi ne ko hannun jari, wannan ce tambayar farko da za su yi miki.

Mai Garin Shayi, Kawo:
Baba, sauran 120 ɗin na shaguna ne nake sa rai. Biyu sun ce za su karɓa idan na samu lambar NAFDAC, ni kuma rajistar CAC kawai nake da ita yanzu.

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
To ki ce 180, ko ki ce "in sallami masu jira" ki bar lambar gaba ɗaya. Abin da ya rataya a kan takardar da ba ki samu ba tukuna, kar ya shiga daƙiƙa 30 ɗin nan. Maganar shaguna ki ajiye ta a matsayin amsa, lokacin da aka tambaye ki ina za ki dosa bayan masu shayi.

Ki shirya wata amsar kuma. Duk mai jari a Kaduna ya san cutar da ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023, da yadda farashi ya yi tashin gwauron zabi bayanta. Za a tambaye ki me za ki yi idan citta ta sake tsada: rage awon ƙulli, ƙara kuɗi, ko saye da kaka ki ajiye. Ki zaɓi ɗaya ki san dalilinki.

Malamin Makaranta, Rigasa:
Shawarata ki haddace ta tsaf kamar karatun allo, har ki iya faɗin ta cikin barci. Kuma ki yi da Turanci, Kaduna ce fa, ba kowa a teburin nan ne zai ji Hausa ba.

Maman Ihsan:
Malam, ni hadda ce ta kayar da ni a kasuwar baje koli ta Rigachikun. Wani Alhaji ya tsaya a rumfata ta man gyaɗa, na fara zubo abin da na haddace, ya katse ni da "nawa ne jarka?", wallahi sauran duk ya gudu. Ki riƙe jimlar farko da ta ƙarshe da lambobinki, tsakiyar ki bar ta ta fito yadda ta zo. Ni ma dai ina neman mai taimaka min da tawa, Baban Khalifa in ka samu sarari.

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Ki turo lambobinki Maman Ihsan, irin tambayoyin nan huɗu. Batun harshe kuwa Malam ya taɓo abu. Hajiya ki kira masu shirya taron ki tambaya da wane harshe za a saurara. In Turanci ne, ki sake gina ta da Turancin da kike yi da kwastoma, kar ki fassara wannan kalma da kalma, kuma ki sake auna ta da agogo don tsawon ba zai zo ɗaya ba.

Mai Garin Shayi, Kawo:
Na kira su, sun ce kowa ya yi da harshen da ya fi sakewa, kuma tallafi ne haɗe da bashi, ba su faɗi kason kowanne ba. Na mayar da ita 180, na gwada yanzu ta tsaya a daƙiƙa 29, da gaisuwar Hajiya ta kai 31. Baba Akanta, tunda akwai bashi a ciki, in rage abin da nake nema zuwa kuɗin ƙaramin inji, ko in bar shi dubu 900 su rage da kansu?

Akanta Mai Ritaya, Malali:
Ki je ki tambayo farashin ƙaramin da na babban, da mudu nawa kowanne ke niƙawa a awa ɗaya, da abin da kike biya a injin kasuwa duk mako. Ki kawo min su kafin Alhamis mu buga lissafin.