Neman kalmar Hausa ga «kilitik»: abin da ke tsakanin ɗafi da kalma

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina shirya darasi a kan ginin kalma, kuma ina neman sunan da za a ba abin da masana harshe ke kira kilitik, wato ƙwayar da ba ta kai kalma mai cin gashin kanta ba, amma kuma ba ɗafi ba ce irin ɗafa-goshi ko ɗafa-ƙeya. Tun da asalin kalmar a Girkanci yana nufin jingina, na yi tunanin «majingini».

Wani ɗalibi: Malam, a ganina rubutu ya riga ya raba gardama. Abin da aka haɗe, kamar «sa» a cikin «gidansa», ɗafi ne, abin da aka raba kuwa kalma ce.

Malamar nahawu: Ɗan'uwa, ƙa'idar rubutu yarjejeniya ce da mutane suka yi, saboda haka ba a kafa hujja da ita a nan. Mu ɗauki dirka, wato «ne» da «ce», waɗanda ake rubutawa a rabe. Gwaji na farko shi ne tsayuwa: ba a fara jimla da su, kuma ba a amsa tambaya da su su kaɗai. Na biyu shi ne karin sauti, domin dirka tana ɗaukar kishiyar karin gaɓar da ta gabace ta. A «yaro ne» gaɓar «ro» ƙasa take, sai «ne» ya hau sama, a «jaki ne» kuwa «ki» sama take, sai «ne» ya sauko. Abin da ba a sanin karinsa sai an dubi maƙwabcinsa bai cika kalma ba.

To, me ya hana a kira ta ɗafi? Ku kwatanta ta da ɗafa-ƙeyar jam'i «-una». Wannan tana da zaɓe: ana cewa jakuna da riguna, amma ba a cewa «yaruna» ko «motuna», sai yara da motoci. Tana kuma sauya saiwar da ta ɗafe wa, ta kawar da wasalin ƙarshe, ta ɗora nata karin a kan kalmar baki ɗaya, sannan ba a iya cusa komai tsakaninsu. Dirka ba ta da wannan hali, domin tana bin ƙarshen yankin jimla ko da wace irin kalma ya ƙare: «yaro ne», «yaro babba ne», «yaron da ya zo jiya ne». A misalin ƙarshen nan ta zauna bayan «jiya», alhali da yaro ta dace a jinsi. Irin waɗannan gwaje-gwaje na bambanta kilitik da ɗafi ne masana harshe Zwicky da Pullum suka tsara a 1983.

Mai fassara: Allah ya ƙara sani, Malama. Ni a wajena ma'aunin tsayuwa bai riƙe ba, domin «shi» na cikin «na gan shi» yana tsayawa shi kaɗai. In aka ce wa ka gani, ai «shi» nake cewa.

Malamar nahawu: Malam, «shi» biyu ne suka yi kama a rubuce. Gwada da tamace za ka gani: ana cewa «na gan ta», amma amsar tambayar «ita» ce, ba «ta» ba, kuma in aka gabato da ita sai a ce «ita na gani». Sai dai wannan wakilin suna ya fi dirka wuyar sha'ani, domin bayan aikatau kawai yake zuwa a wannan aiki, kuma aikatau yana sauya siga dominsa: «ya sayi riga», amma «ya saye ta». Ta nan ya kusaci ɗafi, shi ya sa ba na son a yanke masa hukunci da gwaji guda.

Game da suna kuwa, «majingini» yana da illa. A rubuce ba a bambanta mai jingina da abin da ake jingina da shi, sai da karin sauti, wanda ba ma rubutawa. Na fi son «raɓau», a kan tsarin aikatau da karɓau da bayanau, kalmar da aka raɓa kuma a kira ta «madogara».

Mai tambaya: Na gode, Malama. «Raɓau» ya fi sauƙi a baki, ko da yake raɓa tana nuna kusanci ne, ba ta nuna dogaro ba. Ko «liƙau» zai fi?

Mai fassara: Liƙewa ai aikin ɗafi ne, ɗalibai za su rikita su. Ina bayan «raɓau» ga dirka, amma ina jiran a gwada «-n» da «-r» na «yaron» da «rigar» kafin na amince ya game duka.